Neman Hanya Mafi Araha Idan Wasu Gaɓoɓin Tafiya Riba Suke Bayarwa

Matsalar neman hanya mafi araha a lissafin kwamfuta abubuwa uku ta ƙunsa. Akwai tashoshi, akwai gaɓoɓin da ke haɗa wata tasha da wata, sannan kowace gaɓa tana da adadin da ke nuna abin da za a kashe idan an bi ta. Wannan adadi yana iya zama nisa, ko lokaci, ko kuɗi, amma a nan za a kira shi farashi. Kowace gaɓa tana da alkibla ɗaya, wato idan akwai gaɓa daga A zuwa B, ba dole ne a sami ta dawowa daga B zuwa A ba. Hanya kuwa jerin gaɓoɓi ce da ke bin juna, kuma farashinta shi ne jimlar farashin gaɓoɓinta. Abin da ake so shi ne, daga tasha guda da aka zaɓa ta zama tushe, a san mafi ƙarancin farashin isa kowace tasha, a kuma san ta inda za a bi.

Idan nisa ake aunawa, babu farashin da zai yi ƙasa da sifili, domin ba a taɓa yin tafiya nisan da aka riga aka yi ya ragu ba. Kuɗi da makamashi ba haka suke ba. Babbar motar da ta tashi babu kaya tana cin mai da kuɗin hanya, amma idan a wata gaɓa ta sami dako wanda kuɗinsa ya fi abin da ta kashe, wannan gaɓar riba ta bayar, sai a rubuta farashinta da alamar ragi, kamar −3. Motar lantarki ma idan tana gangarowa daga tudu takan mayar da caji cikin batirinta. Irin waɗannan gaɓoɓi su ne ke rushe dabarar da aka fi sani a wannan fanni, su ne kuma suka sa ake buƙatar wata dabara mai haƙuri.

Ga misalin da za a riƙa komawa kansa. Tashoshi biyar ne, A, B, C, D da E, tushen kuma A. Gaɓoɓi bakwai ne, farashinsu a dubban naira:

```
D → E :  2
B → D :  3
C → B : -3
C → E :  6
E → C :  1
A → B :  4
A → C :  5
```

Mai ido yana iya ganin cewa zuwa B kai tsaye 4 ne, amma idan aka ratsa ta C, aka kashe 5, aka dawo da 3 a gaɓar C zuwa B, an isa B da 2 kacal. Daga nan D ta zama 5, E kuma 7. Hanya mafi araha zuwa E ita ce wadda ta bi A, C, B, D, E. A taswirar tasha biyar ido ya isa, amma a ta tasha dubu goma sai an sami ƙa'idar da na'ura za ta bi ba tare da ta hango komai ba.

Inda dabarar Dijkstra take tuntuɓe

Dabarar da Edsger Dijkstra, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, ya wallafa a 1959 tana da sauri saboda takan yanke hukunci sau ɗaya ba ta waiwaya. A kowane mataki tana ɗaukar tashar da ta fi kusa cikin waɗanda ba a rufe ba, ta rufe ta, ta ɗauki farashinta a matsayin na ƙarshe. Hujjarta ita ce duk wata hanya dabam dole ta bi ta wata tasha da ta fi wannan tsada, kuma ƙarin tafiya ba ya rage kuɗi. Wannan hujja gaskiya ce muddin babu farashi ƙasa da sifili.

A misalin nan, dabarar za ta ga B a kan 4, C a kan 5, sai ta rufe B a kan 4. Lokacin da ta zo kan C ta ga gaɓar da ke sauke B zuwa 2, ta riga ta rufe wannan shafi. Sai ta ci gaba da lissafa D a kan 7, E a kan 9, alhali amsar gaskiya 7 ce. Abin da ya sa wannan kuskure yake da haɗari shi ne babu wata alama da ke nuna shi. Manhajar ba ta tsaya ba, ba ta yi ƙorafi ba, ta dai ba da lamba mai kama da gaskiya.

Akwai wata dabara da takan zo wa kusan kowane ɗalibi a karon farko, wato a ƙara wa kowace gaɓa adadi ɗaya har farashin ƙasa da sifili ya ɓace. A nan sai a ƙara 3. Gaɓar A zuwa B ta koma 7, A zuwa C ta koma 8, C zuwa B ta koma 0. Yanzu zuwa B kai tsaye 7 ne, ratsawa ta C kuma 8, ke nan an juya amsar. Dalilin a fili yake: hanya mai gaɓa biyu an ɗora mata ƙarin sau biyu, mai gaɓa ɗaya sau ɗaya. Ƙarin yana hukunta hanya ne bisa yawan gaɓoɓinta, abin da ba shi ake tambaya ba.

Sassautawa

Dabarar da ke warware wannan ana kiran ta da sunan Richard Bellman da Lester Ford ƙarami, masana lissafi biyu da suka yi aiki a cibiyar bincike ta RAND a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ford ya bayyana ta a 1956, Bellman a 1958. Alfonso Shimbel ya riga su a 1955, Edward Moore kuma ya wallafa irinta a 1959, shi ya sa wasu littattafai ke ƙara sunan Moore.

Gaba ɗayanta ta tsaya ne a kan aiki guda ƙarami. Kowace tasha ana rubuta mata ƙiyasi, wato farashin hanya mafi araha da aka gano zuwa gare ta kawo yanzu. Da farko tushe yana da 0, sauran duka suna da ∞, alamar adadi mara iyaka, wadda a nan take nufin ba a riga an san hanyar zuwa ba. Sai a ɗauki gaɓa ɗaya, a ce daga tasha u zuwa tasha v mai farashi w, a yi tambaya guda: ƙiyasin u idan aka haɗa shi da w, ya yi ƙasa da ƙiyasin v? Idan haka ne, an sami hanya mafi araha zuwa v, sai a goge tsohon ƙiyasi a rubuta sabo, a kuma rubuta cewa ta u aka shigo v. Idan ba haka ba ne, a wuce. Wannan aiki shi ake kira sassauta gaɓa.

Abubuwa biyu ne suka sa sassautawa ba ta da haɗari ko sau nawa aka yi ta. Ƙiyasi ba ya hawa, sai dai ya sauka ko ya tsaya. Kuma duk lambar da aka rubuta farashin wata tafiya ce ta gaske daga tushe, don haka ba za ta taɓa yin ƙasa da amsar gaskiya ba. Saboda haka babu buƙatar wayo wajen zaɓen gaɓar da za a sassauta. A bi gaɓoɓin duka ɗaya bayan ɗaya, wannan zagaye ɗaya ke nan, sannan a sake, a kuma sake. Babu tashar da ake rufewa. Tambayar da ta rage ita ce zagaye nawa ya isa.

Kafin amsa ta, ga yadda aikin yake tafiya a misalin, ana bin gaɓoɓin bisa jerin da aka rubuta su a sama. An jera su ne da gangan a tsari mafi muni.

A zagaye na farko, gaɓoɓi biyar na sama duk sun taso ne daga tashoshin da ba a kai gare su ba, don haka ba su yi komai ba. Biyun ƙarshe ne suka yi aiki: B ta zama 4, C ta zama 5.

A zagaye na biyu, gaɓar D zuwa E har yanzu ba ta da amfani, domin ba a san D ba a lokacin da aka zo kanta. Gaɓar B zuwa D ta ba D 7. Nan take gaɓar C zuwa B ta sauke B daga 4 zuwa 2, gaɓar C zuwa E kuma ta ba E 11. A lura da abin da ya faru da D. An lissafa 7 ɗinta ne da tsohon ƙiyasin B, kuma B ta sauka bayan an wuce. Labarin rahusar bai kai D ba tukuna.

A zagaye na uku, gaɓar D zuwa E ta yi amfani da 7 ɗin D ta sauke E daga 11 zuwa 9. Wannan ita ce amsar da Dijkstra ta tsaya a kai. Bayan haka gaɓar B zuwa D ta kawo sabon labari, D ta sauka zuwa 5. A zagaye na huɗu ne wannan ya isa E, ta sauka zuwa 7. Idan aka yi zagaye na biyar, babu abin da zai motsa. Gaɓar E zuwa C, alal misali, tana ba da 8, wanda ya fi 5 ɗin da C take da shi.

```
zagaye   A   B   C   D   E
  0      0   ∞   ∞   ∞   ∞
  1      0   4   5   ∞   ∞
  2      0   2   5   7   11
  3      0   2   5   5   9
  4      0   2   5   5   7
```

Don fitar da hanyar kanta, sai a bi bayanan shigowa da baya. An shigo E ta D, D ta B, B ta C, C ta A.

Dalilin da ya sa zagaye huɗu ya isa

Ba sa'a ba ce ta sa tasha biyar suka ci zagaye huɗu. A dubi hanyar gaskiya, A, C, B, D, E. Ko yaya aka jera gaɓoɓi, zagaye na farko dole ya taɓa gaɓar A zuwa C, kuma ƙiyasin A daidai yake tun farko, don haka C ta zama daidai. Zagaye na biyu dole ya taɓa gaɓar C zuwa B, a lokacin kuma C daidai take, don haka B ta zama daidai. Haka gaskiyar take matsawa gaba aƙalla gaɓa ɗaya a kowane zagaye. Bayan zagaye k, duk tashar da hanyarta mafi araha ba ta wuce gaɓa k ba ta sami amsarta.

Saura a san iyakar tsawon hanya mafi araha. Idan hanya ta ratsa tasha ɗaya sau biyu, to ta yi da'ira, ta fita ta dawo inda take. Idan jimlar farashin da'irar ya fi sifili, cire ta zai rage kuɗi. Idan sifili ne daidai, cire ta ba zai canza komai ba. A duka biyun akwai hanya mafi araha da ba ta maimaita tasha. Hanyar da ba ta maimaita tasha kuwa, a taswira mai tashoshi n, ba za ta wuce gaɓa n − 1 ba. Daga nan adadin zagayen ya fito.

Wannan iyaka ce ta mafi munin hali. Da an jera gaɓoɓin misalin da A zuwa C a farko, sai C zuwa B, sai B zuwa D, sai D zuwa E, da zagaye ɗaya ya gama komai. Matsalar ita ce sanin jeri mai kyau daidai yake da sanin amsar. Abin da ake yi a aikace shi ne a tsaya da zarar an yi zagaye guda ba tare da wani ƙiyasi ya canza ba, domin zagayen da zai biyo baya lambobi iri ɗaya zai tarar, amsa iri ɗaya zai bayar. Wannan tsayawa tana da muhimmanci saboda dabarar tana da tsada. Taswira mai tasha 10,000 da gaɓa 50,000 tana iya cin kusan sassautawa miliyan 500 idan aka yi zagayen duka, yayin da Dijkstra takan taɓa kowace gaɓa sau ɗaya. Saboda haka inda babu farashi ƙasa da sifili, babu dalilin barin Dijkstra.

Da'irar da jimlarta ta yi ƙasa da sifili

Hujjar da ta gabata ta tsallake hali na uku, wato da'irar da jimlar farashinta ta yi ƙasa da sifili. A misalin akwai da'ira ɗaya mai jan hankali: C zuwa B, B zuwa D, D zuwa E, E zuwa C. Farashinta −3, 3, 2 da 1, jimla 3, don haka ba ta da illa. Yanzu a ce gaɓar E zuwa C ma ta sami dako mai tsoka, farashinta ya koma −4. Jimlar da'irar ta zama −2.

Daga wannan lokaci tambayar da aka fara da ita ba ta da amsa. Wanda ya isa E da 7 yana iya kewaya da'irar ya dawo E da 5, ya sake ya dawo da 3, ya ci gaba har abada. Duk lambar da aka ce ita ce mafi ƙaranci, kewaye ɗaya zai kawo wadda ta fi ta ƙanƙanta. Laifin ba na dabarar ba ne, taswirar ce ba ta da hanya mafi araha zuwa waɗannan tashoshi. Abin da ake bukata daga dabara mai kyau shi ne ta gane haka ta faɗa, kada ta ba da lambar da ta tsinci kanta a kai lokacin da zagayen ya ƙare.

Gwajin da ake yi mai sauƙi ne. Bayan zagaye n − 1, a ƙara zagaye ɗaya. Idan wani ƙiyasi ya sake sauka, akwai da'ira mai jimla ƙasa da sifili. Idan babu wanda ya motsa, babu irinta a duk inda ake iya kaiwa daga tushe.

A sabon misalin, zagaye uku na farko suna tafiya kamar dā. A zagaye na uku gaɓar E zuwa C tana ba da 9 a cire 4, wato 5, daidai da abin da C take da shi, don haka ba a canza komai ba. A zagaye na huɗu E ta sauka zuwa 7, sai gaɓar E zuwa C ta ba da 3, wanda ya yi ƙasa da 5. C ta sauka zuwa 3, aka kuma rubuta cewa yanzu ta E ake shigowa C, ba ta A ba. A zagaye na biyar, zagayen gwaji, gaɓar C zuwa B ta ba da 0, ƙasa da 2 ɗin B. Ƙiyasi ya motsa a zagayen da bai kamata ya motsa ba, asirin da'irar ya tonu.

Rabin hujjar an riga an yi ta: idan babu irin wannan da'ira, zagaye n − 1 ya gama aiki, kuma ƙiyasi ba ya yin ƙasa da gaskiya, don haka babu abin da zai motsa. Ɗaya rabin shi ne a nuna cewa idan da'irar tana nan, ba za ta iya ɓuya ba. A ɗauka babu abin da ya motsa. Wannan yana nufin ƙiyasin B bai wuce na C a cire 3 ba, na D bai wuce na B a ƙara 3 ba, na E bai wuce na D a ƙara 2 ba, na C kuma bai wuce na E a cire 4 ba. Idan aka haɗa waɗannan maganganu huɗu wuri ɗaya, ƙiyasin kowace tasha ya fito sau ɗaya a hagu, sau ɗaya a dama, sai su soke juna. Abin da ya rage shi ne sifili bai wuce jimlar farashin da'irar ba, wato sifili bai wuce −2 ba. Wannan ƙarya ce, don haka dole ɗaya daga cikin gaɓoɓin huɗu ta kasance tana da sauran sassautawa. Hujjar ba ta dogara da waɗannan lambobi ba, tana aiki a kan kowace da'ira da aka kai ga tashoshinta.

Sau da yawa sanin cewa da'irar tana nan bai isa ba, ana son a ga tashoshinta. Bayanan shigowa su ne ke nuna su. Daga B a koma C, daga C a koma E, daga E a koma D, daga D a dawo B. Sai dai akwai tarko a nan. Tashar da ta motsa a zagayen gwaji ba lallai ne tana cikin da'irar ba, tana iya zama wata tasha ce a gaba wadda rahusar da'irar ke kwararowa gare ta. Maganin shi ne a fara komawa baya taki n daga tashar da ta motsa. Tun da tashoshin duka n ne, wannan komawa dole ta faɗa cikin da'irar. Daga inda aka tsaya sai a ci gaba da komawa ana rubuta tashoshi har a dawo wurin.

Ga dabarar gaba ɗaya a harshen Python. Tana yin zagaye har n, ta tsaya da wuri idan komai ya lafa, ta kuma dawo da tashar da ta motsa idan zagayen ƙarshe bai lafa ba:

```python
def bellman_ford(n, gabobi, tushe):
    d = [float("inf")] * n
    baya = [None] * n
    d[tushe] = 0
    for _ in range(n):
        motsi = None
        for u, v, w in gabobi:
            if d[u] + w < d[v]:
                d[v] = d[u] + w
                baya[v] = u
                motsi = v
        if motsi is None:
            return d, baya, None
    return d, baya, motsi
```

Kurakuran da aka fi yi

Wanda ya fi yawa yana faruwa ne a harsunan da ake sa wata babbar lamba, kamar biliyan ɗaya, a madadin ∞. A zagayen farko na misalin, C da B duk suna kan biliyan ɗaya, gaɓar C zuwa B kuma −3 ce. Biliyan ɗaya a cire 3 ya yi ƙasa da biliyan ɗaya, sai manhajar ta ɗauka ta sami hanyar zuwa B daga tashar da ba a taɓa kaiwa ba. Alamarsa ita ce a ga amsoshi irin 999,999,997 a tashoshin da ba su da hanya. Dole a duba cewa an riga an kai u kafin a sassauta gaɓarta. Wani kuskuren shi ne a rubuta `<=` a wurin `<`. Da wannan, duk gaɓar da ke kan hanya mafi araha za ta riƙa zama kamar ta motsa a kowane zagaye, sai a yi ta shelar da'irar da babu ita.

Akwai kuma iyakoki biyu da ba kuskuren rubutu ba ne. Gwajin yana ganin da'irar da ake iya kaiwa daga tushe ne kawai, domin tashar da ba a kai ba tana nan a ∞ ba ta motsi. Wanda yake son ya bincike taswira duka sai ya ƙirƙiri tasha ta ƙari mai gaɓa ta farashi 0 zuwa kowace tasha, ya mai da ita tushe, ko kuma, abin da ya yi daidai da haka, ya fara da 0 a kowace tasha. Sannan idan gaɓoɓin taswira ana bin su ta kowane ɓangare da farashi ɗaya, gaɓa guda mai −3 ita kanta da'ira ce, domin zuwa da dawowa −6 ne. A irin wannan taswira dabarar za ta yi shelar da'ira da zarar ta kai ga gaɓa ɗaya mai ragi.

Mai karatu yana iya cewa a hana maimaita tasha mana, sai matsalar ta kau. Tambaya ce mai ma'ana, kuma tana da amsa, tun da hanyoyin da ba sa maimaita tasha suna da iyaka. Amma samun amsar wani abu ne dabam. Neman hanya mafi araha da ba ta maimaita tasha a taswira mai irin waɗannan da'irori yana cikin matsalolin da har yau ba a san wata dabara mai sauri da ke warware su a kowane hali ba, dangin matsalar ɗan kasuwa mai yawo da ke son ya ratsa kowane gari sau ɗaya. Sassautawa ba ta iya ta, domin ƙiyasin tasha lamba ɗaya ce, ba ya ɗauke da jerin wuraren da aka riga aka ratsa.

Inda da'irar ita ce abin nema

A canjin kuɗi, da'irar da ta zama matsala a sama ita ce ake farauta. A ce, don misali kawai, dala ɗaya tana sayen yuro 0.9, yuro ɗaya yana sayen fam 0.8, fam ɗaya kuma yana sayen dala 1.4. Mai dala 1,000 zai sami yuro 900, ya mai da su fam 720, ya dawo da dala 1,008. Ya kewaya ya dawo da ƙarin dala 8. Da kuɗaɗe uku ana gani da ido, amma da kuɗaɗe hamsin hanyoyin kewayawa sun fi ƙarfin lissafin hannu.

Cikas ɗin shi ne farashin canji ninka shi ake yi, dabarar kuwa tarawa ta sani. Logaridim ne ke haɗa su, domin shi ne aikin lissafin da ke mai da ninkawa ta zama tarawa: logaridim ɗin sakamakon ninka lambobi daidai yake da jimlar logaridim ɗinsu, kuma logaridim ɗin 1 sifili ne. Sai a mai da kowane kuɗi tasha, kowane canji gaɓa, a ba gaɓar farashin logaridim ɗin canjin tare da juya alamarsa. Da logaridim mai tushe 10, gaɓar dala zuwa yuro ta zama kusan 0.0458, ta yuro zuwa fam 0.0969, ta fam zuwa dala −0.1461. Jimlar kusan −0.003 ce. Duk kewayen da ninkinsa ya wuce 1, wato mai riba, jimlarsa za ta yi ƙasa da sifili, kuma zagayen gwaji zai kama shi.

Ƙanƙantar wannan jimla tana jawo matsala ta kanta. Kwamfuta ba ta riƙe lambobi masu ɗigo daidai wa daida, takan yanke su a wani wuri. Canjin dala zuwa yuro da dawowa, wanda jimlarsa ya kamata ta zama sifili cif, yana iya fitowa ƙasa da sifili da ɗan ƙanƙanin abu, sai manhajar ta yi shelar ribar da babu ita. Shi ya sa ake sa sharaɗin cewa sai ragin ya wuce wani ƙaramin ma'auni, kamar ɗaya bisa biliyan, kafin a karɓe shi a matsayin sassautawa. Haka kuma dole a shigar da ladan mai canji cikin farashin kowace gaɓa kafin a ɗauki logaridim. Idan ana cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kowane canji, dala 1,000 ɗin nan za ta dawo kusan 993 bayan canji uku, jimlar da'irar ta koma sama da sifili, zagayen gwaji kuma ya wuce ta ba tare da wani ƙiyasi ya motsa ba.